Darasi na 6: Wasiƙar Neman Hulɗa da Kamfanin Sarrafa Masara

Toh jama'a, yawancinmu a ajin nan muna Agege ko Mile 12 amma gonakinmu na gida, kuma sau da yawa wanda ke Legas shi ƙungiyar manoma ke ɗora wa aikin nemo mai saye. Yau za mu koyi wasiƙar da ake kai wa kamfanin da ke niƙa masara. A fara rubutawa da Hausa, kowa ya yarda da abin da ke ciki, sannan a ba wanda ya iya ya mayar Turanci.

Manajan saye ba doguwar gaisuwa yake nema ba. Injinsa ne ba ya so ya tsaya. Saboda haka kada ku rubuta "muna da masara ko nawa kuke so", wallahi na ga wasiƙa irin wannan da idona, ƙungiyar 'yan uwanmu ce, har yau ba a kira su ba. Lissafi za ku sa.

Mu ɗauki misali, ƙungiya daga wajen Saminaka mai mutum 40, kowa ya ce zai ba da buhu 30 mai kilo 100. Buhu 1,200 ke nan, tirela huɗu tunda tirela ɗaya buhu 300 take ɗauka wato tan 30. Amma uku za ku yi alkawari! Don in farashi ya tashi wani zai zagaya ya sayar a kasuwa, wani biki ya taso masa, wani kuma ƙwari suka shiga rumbunsa, to wannan tirela ta huɗu ita ce za ta rufa muku asiri. Ga tsakiyar wasiƙar:

"Ranka ya daɗe, za mu kawo farar masara tan 30 a makon farko na kowane wata, daga Disamba zuwa Fabrairu. Busasshiya, danshinta bai wuce kashi 13 cikin 100 ba, an sheƙe ta, babu tsakuwa babu funfuna. Ga samfurin kilo 2 mun haɗo don ku gwada."

Maganar danshin nan kar ku ɗauke ta wasa. Mu mun saba mu gartsa da haƙori in ta yi ƙas mu ce ta bushe, su kuwa na'ura suke tsoma wa, kuma masarar da ba ta gama bushewa ba in ta yi kwanaki cikin tamfol a hanya sannan ta iso iskar Legas mai laima, sai ta yi gumi ta fara wari, a bakin get za a juyo da motar kuma kuɗin mota na wuyanku.

Daga nan sai kuɗi. Ku ce za a tsayar da farashi duk wata kafin a yi lodi, ku faɗi wa zai biya mota, da kwana nawa bayan sauke kaya za a tura kuɗi a asusun ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. Shugaba da sakatare su sa hannu, a buga hatimi, a haɗa kwafin takardar rajista.

Aikin gida: kowa ya kira ƙungiyarsu ya tambayo mutum nawa, buhu nawa, ya cire kashi ɗaya cikin huɗu, ya zo mana da abin da ya rage ran Asabar.