Babba da bai taɓa ƙarambau ba: kurakuran da aka fi yi

A ce Hajiya ta tashi da zafi kamar wuta a gefen haƙarƙarinta na dama, bayan kwana uku ƙuraje masu ruwa suka fito a jere, ba su tsallaka ɗaya gefen ba. Wannan shi likitoci ke kira shingils, kuma ƙwayar ƙarambau ɗin da ta yi tun tana yarinya ce ta kwanta a jijiya, yanzu ta farka. A gidan akwai ɗanta mai shekara 30 da matarsa mai juna biyu, dukansu ba su taɓa ƙarambau ba.

Kuskuren farko shi ne a ce ciwon tsufa ne, ba a ɗauka. Shingils ɗin kansa ba ya yaɗuwa, amma wanda bai taɓa ƙarambau ba, idan ya taɓa ruwan ƙurajen, zai iya kamuwa da ƙarambau. Sai a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a ware mata tawul, a riƙa wanke hannu har ƙurajen su bushe. Ita kuma ta ga likita cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, lokacin da maganin asaikulobiya ya fi aiki.

Babban kuskure kuwa shi ne zaman jira a ga ko zai fito. Ƙarambau yakan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ya bayyana, alhali allurar rigakafin tana hana shi ko ta rage ƙarfinsa ne idan an yi ta cikin kwana 3, iyaka 5, da haɗuwa da mai ciwon. Don haka ɗan Hajiya ya tafi yau, ya koma ya karɓi ta biyu bayan mako 4 zuwa 8. Kada ya dogara da allurar ƙyanda da aka yi masa yana jariri, ciwon daban ne. Ta ƙarambau ba ta cikin alluran yara na kyauta a Najeriya, galibi sai a asibitocin kuɗi. A ganina ta cancanci kuɗinta, domin a jikin babba ciwon yana iya sauka a huhu.

Matarsa fa, ba a yi mata wannan allurar, saboda ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Haka ma mai shan maganin ciwon daji ko wanda ƙanjamau ya karya wa garkuwar jiki. Ta je asibiti ranar nan, a gwada jininta, tunda wasu sun yi ciwon sama-sama suna yara ba su sani ba. Idan ba ta da kariya, likita zai ba ta wata allurar garkuwa ta daban cikin kwana 10 da haɗuwa da mai ciwon, ko ya sa ta shan asaikulobiya daga kwana na 7.

Idan ƙarambau ya riga ya fito wa babba, a fara magani cikin awa 24, a sha farasitamol a bar asfirin da ibufurofen. Tari ko ɗaukewar numfashi kuwa, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.