Rigar lilin: yamutsewarta, laushinta, da yadda za ku wanke ta a nan

'Yan'uwa da kuka iso Turai kwanan nan, da zarar sanyi ya janye aka shiga zafi, za ku ga shaguna sun cika da riguna da wanduna da zannuwan gado na lilin. In kun duba 'yar takardar da ke ɗinke a cikin rigar, za ku ga an rubuta Linen, ko Lin, ko Leinen, ko Lino, gwargwadon harshen ƙasar da kuke. Da yawanmu mun saya mun sa sau ɗaya, muka ga rigar ta yamutse tun kafin mu kai wurin aiki, muka ce an sayar mana da yadi marar kyau. Yadin ba shi da laifi, halinsa ke nan.

Lilin zare ne da ake cirowa daga bawon karan wani tsiro mai siririn jiki, wanda masana ke kira Linum usitatissimum, kamar yadda ake cire zaren igiya daga bawon rama. Ana noma shi sosai a arewacin Faransa da Beljiyam da Holan. Aikin wannan zare a jikin tsiron shi ne ya riƙe karan a tsaye kada iska ta kwantar da shi. Saboda haka sinadarin da ya gina shi, wato selulos, a jere yake ɗoɗar, sili kusa da sili, duk sun miƙe bisa tsawon zaren. Auduga ma selulos ce, amma nata a murɗe yake, shi ya sa take ɗan bayarwa in an ja ta. Zaren lilin kuwa in aka ja shi, bai fi ya ƙaru da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba sai ya tsinke. Abin da ba ya miƙuwa ba ya komawa mazauninsa in an lanƙwasa shi.

Sai kuma danshi. Silin selulos suna riƙe da juna ta wasu ƙananan maƙalai marasa ƙarfi, waɗanda ruwa da ɗumi ke kwancewa. Lilin kuma mai shan ruwa ne ƙwarai, yana iya tsotse kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa kafin hannu ya ji ya jiƙe. To ku dubi abin da ke faruwa in kun zauna a jirgin ƙasa na minti ashirin. Gumin bayanku da ɗumin jiki sun kwance maƙalan, nauyinku ya danne yadin a lanƙwashe, kuna tashi iska ta busar da shi, maƙalan suka sake kamawa a sabon wurin da suka tsinci kansu. Karin ya zauna ke nan. Shi ya sa yamutsewar ta fi yawa a gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da cinya. Wannan shan gumin da saurin bushewar ne kuma ke sa rigar sanyi a jiki, don haka ba a raba ɗayan da ɗayan.

Laushin da ke zuwa da wanki yana da nasa dalili. A cikin kara, zaren a dami-dami yake, wani ƙaro na tsiro mai suna fektin ya manne shi. Bayan an tuge tsiron, akan bar shi a gona makonni raɓa da ruwan sama su ruɓar da mafi yawan ƙaron, amma ba ya fita duka. Ragowarsa, tare da sitacin da masaƙa ke sa wa zare, su ne ke sa sabuwar riga ta yi ƙamas tana ɗan kartar wuya. Kowane wanki yana ɗauke kaɗan daga ciki, jujjuyawar inji kuma tana sassauta damin ya rabu zuwa zare siri-siri masu sauƙin lanƙwasuwa. Ina da farar riga da na fara sawa shekaru huɗu da suka wuce. Farkonta in na naɗe hannunta sai karin ya fito da kaifi kamar na takarda. Yanzu har yau tana yamutsewa, amma yamutsewar ta zama mai taushi, kamar igiyar ruwa a jikin yadi, kuma in na rataye ta da danshinta ba na ma neman dutsen guga.

Maganar ƙarfi ce nake so mu yi a hankali, domin masu talla suna faɗinta fiye da yadda take, wai wanki yana ƙara wa lilin ƙarfi. Gaskiya ne lilin ya fi ƙarfi in yana jiƙe fiye da in ya bushe, saboda ruwa yana kumbura zaren ya sa silin su raba nauyin ja a tsakaninsu. Wannan ne ke sa ya jure wanki ɗaruruwa, inda wasu yadukan ke raunana da zarar sun shiga ruwa. Gaskiya ne kuma a wankin farko-farko yadin yana ɗan tsukewa, saƙar ta matse, ya ƙara kauri a hannu. Amma wanki ba ya ƙara wa zaren kansa ƙarfi, a hankali yake ci masa. Kuma lilin yana da lagonsa: ƙarfinsa na ja ne, ba na lanƙwasa ba. In ana ninke shi a layi ɗaya kullum ana danne wurin da guga, zaren wurin zai karye.

Na ga wannan da idona a kan wata shuɗiyar riga. A ɗakin wanki na gidan da na fara zama, nakan jefa ta cikin injin busar da kaya a kan zafi mafi girma tare da tawul-tawul, ta fito ƙamas ta cukurkuɗe, sannan in bi ƙwalarta da guga ina dannawa don ta kwanta. Kafin lokacin zafi na shekara ta biyu ya wuce, wani farin layi ya bayyana a daidai karin ƙwalar, daga baya ya tsage. Duk sauran jikinta lafiya lau. In kun ga irin wannan farin layi a ƙwala ko bakin hannu ko ƙafar wando, zare ne ya fara karyewa, ku daina danne wurin.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina wanke lilin a kan digiri 30 ko 40, ba na cika injin fiye da rabi, domin in kaya sun matsu ne suke murɗe juna. Juyin matsewa nakan rage shi zuwa juyi 600 ko 800 a minti. Ba na sa bilic mai kulorin, yana cinye zare, ruwan tausasa kaya kuma ba ya da amfani a nan, shafe zaren kawai yake yi ya rage masa shan gumi. Inji na tsayawa nake fitar da rigar, in kakkaɓe ta da ƙarfi sau biyu ko uku, in ja ɗinkin kafaɗa da layin maɓallai da hannu, in rataye ta. Gidaje da yawa a nan ba su da wurin shanya, wasu ma dokar gida ta hana shanya a baranda, to in dole ce ta kai ku ga injin busarwa, ku sa shi a ƙaramin zafi minti goma, ku cire da sauran danshi.

Guga kuwa, ɗigo uku a jikin alamar dutsen guga da ke 'yar takardar rigar na nufin yadin zai ɗauki zafi har digiri 200, kuma lilin zalla yana ɗauka. Amma zafi shi kaɗai ba ya kwance maƙalan nan, sai da ruwa. Ku goge tun rigar na da danshi, ko ku fesa mata ruwa ku naɗe ta ku bar ta minti goma ya ratsa. Mai duhun launi a juya ta a goge ta ciki don kada ta yi ƙyalli. Ƙwala a shimfiɗe za a goge ta, sannan a ninke da hannu. Zannuwan gado da za su daɗe a ajiye a lokacin sanyi, ku naɗe su kamar tabarma, ko ku riƙa sauya inda kuke ninkewa.