Yadda na gyara takardar matakan gyaranmu

A ma'aikatarmu ta Kakuri, bel ɗin injin nika ya tsinke har sau uku. Kullum abin da nake rubutawa: "a riƙa kula da injuna". Wa zai kula? Yaushe? Shiru. Mai bincike ya dawo min da takardar, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai na raba ta biyu. Gyara: shugaban makanikai ya sauya bel, ya daidaita bakin fulin da ya karkace, kafin Alhamis, domin karkacewar ce ke cinye gefen bel ɗin. Rigakafi: mai kula da aikin safe ya duba sauran injuna huɗu duk Litinin, ya sa hannu a rajista.

Mutum ɗaya nake ɗora wa kowane aiki. Na daina rubuta "sashen gyara", don sashe ba ya ɗaga waya. Bayan wata guda na buɗe rajistar, Litinin ɗaya ce babu sa hannu.