Sitaji ba albashi a Yamai: kurakuran lissafin kuɗi da ɗan Maraɗi ya fi yi

Ɗalibin da ya gama karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya samu gurbin sitaji na wata uku a Yamai, yawanci ya san ba za a biya shi ba. Abin da ke kayar da shi lissafi ne, kuma kuskuren farko tun a gida ake yin sa: a raba kuɗin daidai da yawan watanni.

Mu ɗauka iyaye da yayye sun haɗa maka jika 180, wato sefa 180.000. Sai ka ce jika 60 kowane wata, ai za ta isa. Amma watan farko shi ke cin kaso mafi girma. Kuɗin da zan ambata misali ne, ka sa farashin da ka ji da kunnenka a madadinsu. Tikitin mota zuwa da dawowa, a hanyar da ta haura kilomita 600, sa jika 20, kuma na dawowar ka ware shi tun yanzu. Masu gidajen haya sukan nemi kuɗin watanni a dunƙule, to ɗakin jika 20 ya zama 60 a ranar shiga. Katifa, bokiti, fanka da tukunyar gas, jika 20. Tufafi 10, ajiyar rashin lafiya 10. Abin da ya rage jika 60 ne na kwana 90, wajen sefa 650 a rana, kuma a ciki za ka ci, ka hau mota, ka biya wuta da ruwa. Wannan adadin na kullum ya kamata ka sani kafin ka bar Maraɗi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni tausayi, domin mai yin sa tattali yake nufi. Ya kama ɗaki mai araha a bayan gari, alhali ofishinsa na unguwar Plateau. A Yamai tasi na haɗaka ne, in tafiya ta yi nisa kuɗin hawa biyu za ka biya. A ce hawa ɗaya dala hamsin, sefa 250 ke nan. Biyu da safe, biyu da yamma, jika ɗaya ta tafi. Kwanakin aiki 22 a wata, cikin wata uku jika 66, fiye da duk abin da ya rage maka, ba ka ci ko loma ba. Gyaran shi ne ka haɗa haya da kuɗin mota ka ɗauke su abu guda. Ɗakin jika 30 da za ka iya takawa daga shi zuwa aiki, in kun raba ku biyu, jika 45 ne rabonka a wata uku. Ragowarka ta koma jika 75: tara ta wuta da ruwa, 12 ta tasi ranar ruwan sama ko tsananin rana, 54 ta abinci, wato sefa 600 a rana.

Sauka wajen dangi ya fi komai sauƙi, amma ka auna nisan gidansu da wannan ma'aunin. Kuma ko da kawu ko gwaggo sun ce ba komai, ka sa ɗan cefane ko sabulu cikin lissafinka, wata uku ba kwana uku ba ne.

A ɓangaren abinci, rana ce ke cinye kuɗi. Ma'aikata masu albashi za su ce taso mu je mu ci, ka ji nauyin ƙi, faranti ɗaya ya lashe kuɗin kwana biyu. Ka dafa da dare da ɗan yawa, ka ɗauki ragowar a kula. Ka kuma taho da guzuri daga gida: garin kunu, wake, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji da busasshen zogale. Kuɗin abincin ka raba shi mako-mako, jika huɗu da ƴan kai, sauran ya zauna a hannun wani amintacce a gida yana turo maka ta Nita ko Amana. In na mako ya ƙare tun ranar Alhamis, to da wuri ka gane akwai ɓaraka, ka rubuta duk abin da ka saya na kwana bakwai za ka ga inda take.

Tufafi ba su da dogon zance. Kada ka sayi komai sai ka tambayi wanda zai kula da kai abin da ake sawa, domin asibiti farar riga yake so, wurin gini takalmi mai ƙarfi. Kaya uku masu tsafta da takalmi ɗaya mai daɗin tafiya sun isa, kuma ka ɗinka su wajen telanka na gida. Ajiyar jika goman nan kuwa ta zazzaɓin cizon sauro ce, musamman in sitajin ya faɗo cikin damina, kada ka taɓa ta don ankon bikin abokin aiki.