Darasi na Tara: Yadda Ake Tattara Kwas Guda a Shafi Ɗaya

Kayan aikin wannan darasi ba su da yawa. Ku nemo farar takarda A4 guda uku, da fensir, da jan biro, da littafin da kuka rubuta darussa tun farkon zangon karatu, da takardar da malami ya raba mai jerin batutuwan kwas. In kuna da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ku ajiye su kusa. Shafi ɗaya da ake nufi fuska ɗaya ce ta takarda. Bayanta ba a rubuta komai.

Wannan aiki ana fara shi ne saura kwana biyar ko mako guda a shiga jarrabawa. Daren ƙarshe na duba shafin ne kawai. Wanda ya bari sai daren nan zai fara rubutu, asuba za ta same shi yana kan darasin mako na huɗu.

Naɗe takarda

Ku naɗe takarda ta farko gida biyu, ku sake naɗewa, ku kuma naɗewa karo na uku. In kun buɗe za ku ga gidaje takwas. Ku ƙirga su da yatsa. Kowane gida yana cin layi takwas zuwa goma na rubutu irin wanda ido ke gani ba wahala, wato kalmomi kamar 40. Shafin gaba ɗaya bai fi kalmomi 300 da 'yan kai ba. Kada wannan ya tayar muku da hankali, ƙarancin wurin shi zai tilasta muku zaɓe.

Mu ɗauki kwas na kiwon lafiya a matakin farko, mai mako 12. Gidaje shida na batutuwa ne, don haka sai a haɗa makonnin da suka danganci juna. Makon gudawa da makon tsabtar ruwa su zauna gida ɗaya. Makon zazzaɓin cizon sauro da na hanyoyin kariya daga sauro su ma gida ɗaya. Gida na bakwai na lambobi ne zalla. Na takwas na abubuwan da ke rikita ku ne. Ku rubuta sunan kowane gida a samansa da fensir. Batun da ya yi ta fitowa a tambayoyin baya, ku ba shi gida guda shi kaɗai.

Rufe littafi

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, shi ya sa za mu daɗe a wurin.

Ku karanta batun gida na farko a littafinku sau ɗaya, a natse. Sannan ku rufe littafin. A rufe shi ruf, a kife shi, a ture shi gefe inda hannu ba ya kaiwa. Sa yatsa a tsakiyar shafi ba rufewa ba ne. Yanzu ku ɗauki takarda ta biyu, ta gwaji, ku rubuta duk abin da kuka tuna game da batun, ko da layi uku ne. Ko kun ji kanku wayam, ku jure minti biyar kafin ku taɓa littafi. Ba laifi ba ne a manta, neman abin da aka manta ɗin muke yi.

Sai yanzu ku buɗe littafin ku kwatanta. Abin da kuka rubuta daidai daga ka, kun riga kun san shi, ba ya bukatar wuri a shafinku. Abin da kuka manta ko kuka rubuta ba daidai ba, ku ja masa layi da jan biro. Shi ne zai shiga gidan.

Ga misali a gidan gudawa. A ce ɗalibi ya rufe littafi ya rubuta cewa gudawa tana ƙarar da ruwan jiki, kuma ana ba da ruwan gishiri da sukari. Daidai ne, ya sani, ba sai ya sa a shafi ba. Amma da ya zo awo sai ya rubuta cokali ɗaya na gishiri. Littafi ya ce lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya kuma manta alamu biyu na ƙarewar ruwan jiki. Abin da zai rubuta a gidan ke nan:

Ruwa lita 1, sukari 6, gishiri ½. Alamu: ido ya faɗa, fata in an tsunkule ba ta komawa da wuri.

Kun ga layi biyu sun ɗauke darasin mako guda. Da littafin a buɗe yake, da ya kwafe sakin layi uku, gidan ya cika, kuskuren gishirin kuma yana nan a kansa bai sani ba har ya shiga jarrabawa. Dalili kuwa shi ne, in ido na kan rubutu komai sai ya zama kamar an san shi. A ɗakin jarrabawa babu rubutun da za a kalla, daga ka za a ciro amsa.

To, gida na biyu. Me za ku fara yi? Ku karanta sau ɗaya. Ku rufe littafin. Ku rubuta daga ka. Ku buɗe ku kwatanta. Gida na uku ma haka, a rufe littafi. Sannu a hankali, gida biyu a rana ya isa.

Ana faɗar wannan a kowane aji, amma duk da haka sai a ga babban mutum ya buɗe littafi a kan cinya yana leƙe ta ƙarƙashin tebur. Wa ake ruɗa? Ga yadda za ku gane kun yi kwafe: jimlolin shafinku cikakku ne irin na malami, rubutunku yana ƙanƙancewa daga sama zuwa ƙasa, kun fara bin gefen takarda a karkace, kuna kuma sha'awar juya bayanta. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku goge gidan, ku rufe littafi, ku sake. Don haka aka ce fensir.

Gida na bakwai da na takwas

Lambobi ba a taƙaita su, kuma kowace da ma'auninta. Zafin jiki digiri 37. Bugun zuciyar baligi a hutu 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Numfashinsa 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A nan kaɗai aka yarda ku duba littafi kuna rubutawa, don lamba ɗaya in ta shiga a karkace haka za ku haddace ta.

A gida na takwas ku jera abubuwa biyu-biyu masu kama da juna, da kalmar da ta raba su: rigakafi kafin ciwo, magani bayan ciwo.

Kwafin ƙarshe

Ku mayar da komai a takarda ta uku da biro. Kalmar da kuka gajarta, ku tabbata gobe za ku gane ta.

Daren ƙarshe

Ku rufe gida ɗaya da tafin hannu, ku faɗi abin da ke ciki da baki, ku ɗaga hannu ku duba. Wanda kuka kasa, ku sa masa ɗigon jan biro. Zagaye na biyu masu ɗigo kawai za ku bi. Awa ɗaya ta isa, sai barci. Da safe a sake duba masu ɗigo, sannan a bar takardar a jaka a waje, kada ta shiga ɗakin jarrabawa.

Aiki

Ku cika gida biyu kafin darasi na gaba, ku zo da takardar gwajin tare da su.