Kafin ka tura wa gwani aikinka na farko

'Yan uwa, in za ku roƙi gwani ya duba muku aiki, ku bar rubuta "Yallabai, a duba mini" kawai. Mai aiki ba zai buɗe fayil ashirin yana laluben matsala ba.

A ce ka rubuta manhajar lissafin bashin shago da Python. Ɗora ta a GitHub, ka sa `README.md` mai bayanin yadda ake kunna ta. A imel ɗin ka gaishe shi a taƙaice, sannan ka nuna wuri ɗaya: "A `bashi.py`, layi 40, na ajiye kuɗi a `float`, jimilla tana fitowa `0.30000000000000004`. In koma `Decimal` ne, ko in riƙa ƙirgawa da kwabo?" Irin wannan ko a waya zai amsa. Tambaya biyu ta isa.

Kuma don Allah a cire kalmar sirri daga fayilolin kafin a tura.