Babi na Bakwai: Haɗa Garuruwa da Waya Mafi Ƙaranci, Dabarar Kruskal da Dabarar Prim

A ce akwai ƙauyuka shida da ake so a kai musu wutar lantarki. Ba dole ba ne kowane ƙauye ya sami wayarsa kai tsaye daga tushe. Abin da ake buƙata shi ne kowanne ya haɗu da sauran, ko da wutar za ta bi ta ƙauye biyu ko uku kafin ta iso shi. Tambayar ita ce: ta ina da ina za a ja wayar, yadda kowa zai samu amma jimillar tsawonta ya zama mafi ƙaranci?

Wannan tambaya tsohuwa ce. A shekarar 1926 wani masanin lissafi, Otakar Borůvka, ya warware ta saboda aikin shimfiɗa wayoyin lantarki a yankin Morabiya, wanda yau yake cikin ƙasar Cak. Dabaru biyun da za mu koya sun zo bayansa. Ta farko Joseph Kruskal ne ya wallafa ta a 1956. Ta biyu ana kiranta da sunan Robert Prim, wanda ya wallafa ta a 1957, ko da yake Vojtěch Jarník ya riga shi tun 1930.

Ku ɗauki takarda da fensir, ku ɗiga ɗigo shida, ku sa musu haruffa A, B, C, D, E, F. Ku sa A da B da C a hagu, D da E da F a dama. Kowane ɗigo ƙauye ne. Masu awo sun zagaya sun gano wurare tara da za a iya kafa falwayoyi a ja waya, kuma ga tsawon kowanne da kilomita:

A–B 4, A–C 3, B–C 2, B–D 8, C–D 7, C–E 9, D–E 5, D–F 6, E–F 1.

Ku ja waɗannan layuka tara a kan takardar, ku rubuta lambar kowanne a gefensa. Inda babu layi, kamar tsakanin A da F, ba a iya jan waya kai tsaye ke nan.

Kalmomi biyu kafin a fara aiki. Idan mutum ya tashi daga wani ƙauye ya bi layuka ya dawo inda ya fito ba tare da ya maimaita layi ba, ya yi zobe. Misali A zuwa B zuwa C, a dawo A. Zobe asarar waya ne a wannan aiki, domin ana iya cire layi ɗaya daga cikinsa kuma ƙauyukan su zauna a haɗe. Tsarin da ya haɗa dukkan ƙauyuka ba tare da zobe ba shi ake kira bishiya, saboda rassa yake yi, ba ya naɗewa. Bishiyar da ta haɗa ƙauye shida layi biyar take da shi, ba ƙari ba ragi. Kullum yawan layukan shi ne yawan ƙauyukan a cire ɗaya, kuma wannan lissafi ne zai gaya muku lokacin tsayawa.

Dabarar Kruskal: a jera, sannan a tsinta

Da farko a jera layukan daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo:

E–F 1, B–C 2, A–C 3, A–B 4, D–E 5, D–F 6, C–D 7, B–D 8, C–E 9.

Sai a bi jerin ɗaya bayan ɗaya. A kan kowane layi tambaya ɗaya ce: ƙauyukan nan biyu sun riga sun haɗu ta wayoyin da muka zaɓa? In ba su haɗu ba, a ɗauka. In sun haɗu, a tsallake.

E–F 1 babu abin dubawa, ba mu zaɓi komai ba tukuna. A ɗauka, a maimaita shi da fensir ya yi kauri. B–C 2 ma haka. Ku lura yanzu muna da guntaye biyu da ba su san juna ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wannan ba kuskure ba ne, haka dabarar take tafiya. A–C 3 ya kawo A cikin rukunin B da C, a ɗauka.

Yanzu mun zo A–B 4, kuma nan ne ake yawan faɗawa rami. Layin gajere ne, yana jan ido. Amma A ya riga ya haɗu da B ta hanyar C. In muka ɗauke shi mun rufe zobe, mun kashe kilomita 4 ba mu ƙara ko gida ɗaya ba. A ja masa gicciye. D–E 5 ya shigo da D cikin rukunin E da F, a ɗauka. D–F 6 kuwa hukuncinsa ɗaya da na A–B, domin D yana isa F ta E. A tsallake.

A wannan gaɓa muna da layi huɗu da rukuni biyu: A, B, C a gefe guda, D, E, F a ɗaya gefen. C–D 7 ya zama gada tsakaninsu, a ɗauka. Layi biyar ya cika, sai a tsaya, ba sai an duba B–D da C–E ba. Jimilla: 1 + 2 + 3 + 5 + 7 = 18.

A zane mai ɗigo shida ido kaɗai yana gane zobe. In ƙauyuka sun kai talatin, ido zai yaudare ku. Maganinsa shi ne a rubuta wa kowane ƙauye lambar rukuninsa a gefe. Da farko kowa da tasa. Duk sanda aka ɗauki layi, sai a goge lambar rukuni ɗaya gaba ɗaya a mayar da ita ta ɗayan. Layin da kawunansa biyu suke da lamba ɗaya, zobe zai yi. A kula, duk 'yan rukunin ake sauya wa lamba, ba ƙauyen da ke bakin layin kaɗai ba. Wanda ya manta da wannan zai ga lambobi daban a ƙauyukan da sun riga sun haɗu, ya ɗauki layin banza.

Akwai masu cewa, to me ya sa ba za a kwashi layuka biyar mafi gajarta a huta ba? Ku gwada: 1 + 2 + 3 + 4 + 5 = 15. Ya fi 18 araha a takarda, amma ku zana shi ku gani. Akwai zobe a hagu, kuma babu abin da ya haɗa hagu da dama. In tushen wutar yana A, ƙauye uku suna cikin duhu.

Dabarar Prim: bishiya ɗaya tana girma

A nan ba a jera komai. Ana zaɓar ƙauye ɗaya a fara da shi, kowanne ne. Mu fara da A, mu zagaye shi da fensir, alamar ya sami wuta. A kowane mataki ana duba layukan da kansu ɗaya yake a ƙauye mai wuta, ɗayan kuma a ƙauyen da bai samu ba, a ɗauki mafi gajarta.

Daga A layi biyu ne ke fita, A–C 3 da A–B 4. A ɗauki A–C, a zagaye C. Yanzu masu wuta biyu ne, don haka ana duba abin da ke fita daga dukkansu: A–B 4, B–C 2, C–D 7, C–E 9. Mafi gajarta B–C 2, a zagaye B.

Da shigowar B, layin A–B ya faɗi da kansa, tunda kawunansa biyu duk suna ciki. Abin da ya rage masu fita su ne C–D 7, B–D 8, C–E 9. A ɗauki C–D 7. Ga E–F can mai kilomita 1 kacal, amma ba a taɓa shi, domin babu wuta a E balle F. Bayan D ya shigo, B–D ya faɗi, zaɓin ya zama D–E 5, D–F 6, C–E 9. A ɗauki D–E 5. Saura F, kuma ana iya isa gare shi ta E–F 1 ko D–F 6. A ɗauki E–F. Jimilla: 3 + 2 + 7 + 5 + 1 = 18.

Layuka biyar ɗin su ne dai waɗanda Kruskal ya ba mu, tsarin zuwansu ne ya bambanta. Wanda ya zo na farko a can, E–F, shi ya zo na ƙarshe a nan.

Kuskuren da ya fi yawa a dabarar Prim shi ne a riƙa duban ƙauyen da ya shigo ƙarshe kaɗai, kamar mai tafiya a ƙafa da ba ya waiwaye. Wanda ya yi haka zai tashi daga A zuwa C zuwa B, daga B kuma ya ga B–D 8 ne kaɗai mafita, ya ɗauka. Zai gama da 3 + 2 + 8 + 5 + 1 = 19. Babu zobe, kowa ya sami wuta, layi biyar ne cif, shi ya sa kuskuren ke ɓuya. Amma an ƙara kilomita guda a banza.

Ga yadda ake kama irin wannan. A ɗauki kowane layin da aka bari, a duba hanyar da ke cikin bishiyar tsakanin kawunansa biyu. In akwai wani layi a kan hanyar da ya fi wanda aka bari tsawo, aikin bai yi ba. A bishiyar mai 19, an bar C–D 7, kuma hanyar C zuwa D ta bi ta B–C 2 da B–D 8. Tunda 8 ya fi 7, sai a cire B–D a sa C–D, jimilla ta sauko 18.

Dalilin da ya sa dabarun biyu suke haɗuwa a wuri ɗaya shi ne wannan. Duk yadda aka raba ƙauyukan gida biyu, dole wata waya ta ƙetara daga wannan gida zuwa wancan, kuma babu asara in an zaɓi mafi gajarta cikin masu ƙetarawa. Tsakanin A, B, C da D, E, F masu ƙetarawa uku ne, 7 da 8 da 9. Ko ta ina aka ɓullo, 7 ne zai ci. In duk tsawon layuka sun bambanta, kamar a misalinmu, amsa ɗaya ce tak. In akwai kunnen doki, ana iya samun zane daban. Da D–F 5 ne maimakon 6, wani zai ɗauki D–E wani ya ɗauki D–F, kuma dukkansu 18 za su samu.

Wacce za a ɗauka a aiki? In jerin layuka ne a hannu kuma ba su da yawa, Kruskal ya fi sauƙi. In kuwa kowane ƙauye yana iya haɗuwa da kowanne, jerin yana kumbura, ƙauye 30 suna ba da layi 435, kuma jera su da hannu wahala ce. A nan Prim ya fi. Haka nan in aikin za a yi shi kashi-kashi gwargwadon kuɗin da ya samu, tsarin Prim daga tushen wuta ya fi dacewa, domin duk wayar da aka ja tana haɗe da tushen tun ranar.

Kada a ɗauka bishiyar tana ba da hanya mafi kusa tsakanin kowane ƙauye biyu. Daga B zuwa D a cikinta kilomita 9 ne, alhali kai tsaye 8 ne. Jimillar waya take ragewa, ba nisan kowa da kowa ba. Kuma rashin zobe yana da tsadarsa: in iska ta kayar da falwaya tsakanin C da D, to D da E da F duk sun rasa wuta, babu wata hanyar zagaye. Inda yankewa ke da haɗari, masu tsara aiki sukan ƙara layi da gangan, kamar B–D, su biya kilomita 8 ɗin.

Aikin gida: Ku sake zana taswirar, ku bi dabarar Prim amma ku fara daga F. A kowane mataki ku rubuta duk layukan da ke fita kafin ku zaɓa. In kun yi daidai, tsarin zai zama E–F, D–E, C–D, B–C, A–C. Bayan haka ku ɗauka kogi ya hana jan C–D, ku goge shi, ku bi dabarar Kruskal daga farko. Jimillar da ya kamata ku samu ita ce 19.